Abu Ɗaya, Suna Ɗaya: Yadda Sauya Kalma a Imel Mai Harshe Biyu Ke Dagula Ciniki a Yola da Jimeta

Yola da Jimeta garuruwa ne da ciniki ɗaya kan ratsa harsuna uku kafin ya faɗa. A cikin Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, za a gaisa da Fulatanci. A babbar kasuwar Jimeta za a yi tayi a sallama da Hausa. Idan aka zo ga banki, ko ofishin gwamnati, ko kamfanin da ke Jos ko Legas, sai Turanci ya karɓi ragama, wanda kuwa yake hulɗa da mutanen Garwa a Kamaru har da Faransanci zai haɗa. Da can baki ne ke ɗauke da wannan nauyi, dillali ko tafinta ya tsaya a tsakani, shaidu suna ji. Yanzu wani babban kaso na cinikin hatsi da sauran kayan gona da kamfanoni ya koma cikin imel, kuma sau da yawa imel ɗin harshe biyu ne, Turanci a sama domin kamfani, Hausa a ƙasa domin mai dukiya, wanda ɗansa ko akawunsa ke rubuta masa. Dabara ce mai kyau, domin tana ba mai kaya damar karanta abin da ake ƙullawa da sunansa. Amma tana da rami guda da ba kasafai ake lura da shi ba. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, a irin wannan saƙo, duk abin da ya zama sharaɗi dole ne ya riƙe suna ɗaya tak a kowane harshe, daga imel na farko har na ƙarshe, kuma wanda ya sauya kalma don jin daɗin karatu ya sauya yarjejeniyar ne bai sani ba.

Dalilin farko shi ne imel ya daɗe da wuce matsayin hira. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta ba kotu damar karɓar bayanan da suka fito daga kwamfuta idan an cika sharuɗɗan da ta gindaya. Cinikin hatsi kuwa yana iya ƙulluwa ta musayar saƙonni kawai, wannan ya yi tayi, wancan ya amsa, ba tare da an zauna gaban lauya ba. Saboda haka idan rigima ta tashi, alƙali zai jera saƙonnin ne yana karantawa ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai ɗabi'ar karatu da masana shari'a suka saba da ita: idan takarda ta maimaita kalma ɗaya, ana ɗauka abu ɗaya take nufi, idan kuma ta sauya kalma, ana fara zaton cewa wani abu dabam aka nufa. Wannan ya saɓa wa abin da aka koya mana a darasin insha'i, inda malami ke jan layi a ƙarƙashin kalmar da aka maimaita. Matashin da ke rubuta wa mahaifinsa imel yana ɗauke da wannan tarbiyya ta makaranta, yana jin kunyar ya nanata kalma sau biyar, sai ya nemo 'yar'uwarta. Da yake harsuna biyu yake rubutawa, kowane sauyi yana haifar da tambayoyi biyu: shin sabuwar kalmar Turancin daidai take da tsohuwar, kuma wace kalmar Hausa ce ke tsaye a madadin wace ta Turanci?

Kuɗin farko da sunayensa uku

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki, da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Wani ɗan kasuwa a Jimeta ya tara masara daga ƙauyuka, wani kamfanin abincin kaji a Jos yana son tirela guda, buhu 300 masu kilo 100, wato tan 30. An daidaita a kan naira 40,000 kowane buhu, jimla naira miliyan 12. Kamfani zai fara biyan kashi 30 cikin ɗari, naira miliyan 3 da dubu 600, sauran kuma ranar lodi. A imel na farko akawun ɗan kasuwar ya kira wannan kuɗi deposit a ɓangaren Turanci, a ɓangaren Hausa ya ce kafin alƙalami. Bayan kwana biyu, da yake tunatar da kamfani, sai ya rubuta advance, a Hausa kuma adibas. Da kuɗin suka shigo asusu, ya aika godiya yana cewa an karɓi part payment, a ƙasa kuma ya rubuta cewa an ga wani abu daga cikin kuɗin. A zuciyarsa kuɗi ɗaya yake magana a kai, kuma gaskiya ne, kuɗi ɗaya ne. Sai kaka ta kankama, sabuwar masara ta cika kasuwa, buhu ya sauko naira 34,000. Kamfani ya ce ya fasa, a mayar masa da kuɗinsa.

A nan ne sunayen uku ke rabuwa, kowanne ya kama hanyarsa. A dokar ciniki da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila, kalmar deposit tana da nauyi na musamman. Tun shari'ar Howe da Smith a 1884 aka tabbatar cewa irin wannan kuɗi yana aiki biyu, wani ɓangare ne na farashi idan ciniki ya kammala, kuma lamuni ne cewa mai saye da gaske yake yi, saboda haka idan shi ya fasa, mai sayarwa na iya riƙewa. Amma part payment ɓangaren farashi ne kawai. Idan ciniki ya rushe, asali shi ne a mayar, sai dai mai sayarwa yana da damar neman diyyar asarar da ya iya tabbatarwa. A misalinmu asarar ita ce naira 6,000 a kowane buhu, sau 300, wato naira miliyan 1 da dubu 800. Lauyan ɗan kasuwa zai riƙe imel na farko ya ce miliyan 3 da dubu 600 duka na wanda yake karewa ne. Lauyan kamfani zai ɗaga imel na uku ya ce ai da bakinku kuka kira shi ɓangaren farashi, ku cire asararku idan kun tabbatar da ita, ku maido mana ragowar miliyan 1 da dubu 800. Kalmar advance da ke tsakiya ba ta raba gardama, domin ita lokacin biya kawai take nunawa, ba ta faɗi makomar kuɗin idan an fasa ba. Ko ma da an tsaya a kan kalmar farko, akwai iyaka: kotuna kan duba ko adadin ya wuce hankali, kuma a wata shari'a da ta taso daga Jamaika a 1993 an ƙi amincewa da riƙe kashi 25 cikin ɗari a cinikin fili. Wannan ya nuna cewa suna kaɗai ba ya isa, sai an haɗa shi da bayanin abin da zai faru.

Ɓangaren Hausar ma yana da nasa nauyin, kuma wannan ne abin da mai rubutu daga nesa ba zai gani ba. Kafin alƙalami a bakin 'yan kasuwa kuɗi ne na tabbatar da ciniki, amma ko ana mayarwa idan an fasa, wannan ya danganta da kasuwa da al'ada da kuma mutuncin da ke tsakani. Sannan ga fiƙihu. Yola gari ne na malaman Malikiyya tun zamanin Fombina, kuma a mazhabar Imam Malik cinikin da aka shardanta cewa mai sayarwa zai cinye kuɗin farko idan mai saye ya fasa, wanda malamai ke kira cinikin urbun, bai halatta ba, ko da yake Hambaliyya sun halatta shi. Saboda haka mai dukiyar da ya karanta ɓangaren Hausa kaɗai yana iya kasancewa bai taɓa nufin cinye kuɗin kowa ba, alhali ɓangaren Turancin da aka aika da sunansa yana faɗin haka. Idan kuma shi ne mai saye, sai lamarin ya juye a kansa: ya tura miliyoyi yana zaton ajiya ce da za ta dawo, takardar kuwa ta ce ya yarda su salwanta. Deposit da kafin alƙalami maƙwabta ne, amma kowace tana jingine da dokar da ta haife ta, kuma ajiye su kusa da juna a imel ba ya mayar da su abu ɗaya.

Wannan matsala ba ta Adamawa kaɗai ba ce, kuma manyan kamfanoni ma sun faɗa cikinta. A 1957 wani kamfanin Suwizalan mai suna Frigaliment ya ƙulla cinikin daskararrun kaji da kamfanin B.N.S. na birnin New York. Yawancin saƙonnin waya da suka yi musaya da Jamusanci ne, amma sun bar kalmar Turanci ta kaza a ciki. Da kaya suka iso, sai mai saye ya tarar da manyan cikinsu tsofaffin kaji ne na dahuwa, shi kuwa matasan kaji na gashi yake nufi. Ya ce da gangan ya yi amfani da kalmar Turancin, domin a fahimtarsa ita matashiyar kaza take nufi, ta Jamusancin kuwa ta haɗa duka. A 1960 alƙali Henry Friendly ya yanke hukunci cewa wanda ke da'awar ƙuntatacciyar ma'ana shi ke da nauyin kawo hujja, kuma mai saye bai iya kawowa ba, sai ya faɗi. Darasin da ke nan ga ɗan kasuwar Jimeta a fili yake. Tsoma kalmar Turanci a cikin jimlar Hausa, kamar yadda muke yi kullum, ba ya tabbatar da cewa ɓangarorin biyu ma'ana ɗaya suke ba ta. Abin da ke zuciyar mai rubutu ba ya zuwa kotu, abin da ya bayyana a rubuce ne ke zuwa.

Wuri da lokaci

Bayan kuɗi, kalma ta biyu da ta fi jawo saɓani ita ce ta miƙa kaya. Akawu ya ga delivery sai ya fassara da kai kaya, domin haka kunne ya saba. Amma a dokar sayar da kaya ta 1893, wadda ita ce tushen dokokin cinikin kaya a Najeriya, ma'anar kalmar ita ce kaya su fita daga hannun wani su shiga hannun wani da yardarsa, kuma idan ba a ambaci wuri ba, wurin shi ne inda mai sayarwa yake kasuwancinsa. A Hausa kuwa wanda ya ce zai kai kaya ya ɗauki alkawarin isar da su har inda mai saye yake. Tsakanin sito a Jimeta da ƙofar kamfani a Jos akwai hanyar Numan da Gombe da Bauci, akwai kuɗin mota da na 'yan dako da harajin hanya, akwai kuma tambayar wanda zai ɗauki asara idan tirela ta kife ko ruwa ya jiƙa buhuna. Idan imel ɗaya ya ce kaiwa, na biyu ya ce lodi, na uku ya ce ɗauka, to an ambaci wurare uku da lokuta uku: ɗauka a sito, lodi a kan mota, kaiwa a ƙarshen tafiya. Gyaran shi ne a zaɓi kalma guda, misali miƙa kaya, a bayyana ta sau ɗaya da wuri da wanda zai biya lodi, sannan a riƙe ta har ƙarshe.

Lokaci ma haka yake. Kwana 14 da kwanakin aiki 14 ba ɗaya ba ne. Idan kuɗi sun shigo ranar Litinin aka fara ƙirga daga washegari, kwana 14 na cika ne ranar Litinin ta mako biyu masu zuwa. Kwanakin aiki 14 kuwa, idan an cire Asabar da Lahadi kamar yadda banki da ofis ke yi, sai ranar Juma'a ta mako na uku, wato kwana 18, bambancin kwana huɗu ke nan, kuma idan hutun Sallah ko na Kirsimeti ya faɗo a ciki tazarar ta ƙaru. Ga ɗan kasuwar da ke buɗe rumfa ranar Asabar, ranar aiki ce a wurinsa. Wanda ke ciniki da Garwa kuma ya sani cewa a Faransanci mako biyu kwana goma sha biyar ake ce masa. Mafi aminci shi ne a rubuta ranar da wa'adi zai cika, da sunan rana da kwanan wata da shekara, sunan watan da haruffa, domin kwanan wata ba ya buƙatar tafinta.

Yadda ake ɗaure kalmomi

Aikin ba shi da tsada, tsari yake so. Kafin a rubuta imel na farko, mai rubutu ya zauna da mai dukiya ya fitar da kalmomin da kuɗi ke rataye a kansu. A cinikin hatsi ba su cika wuce biyar ko shida ba: kuɗin farko, cikon kuɗi, ma'auni, ingancin kaya, miƙa kaya da wa'adi. Kowace a ba ta suna ɗaya a Turanci, ɗaya a Hausa, sannan a bi ta da jimlar da ke faɗin abin da zai faru, domin jimlar ce ke ɗauke da ma'ana, sunan alama ce kawai. Wannan jadawali shi za a sa a saman saƙon, kamar haka:

```
1. Part Payment = Kuɗin Farko: N3,600,000
   Refundable if the sale is cancelled, less proven loss.
   Za a mayar idan an fasa, bayan cire asarar da aka tabbatar.
2. Bag = Buhu: 100 kg, net / ban da nauyin buhu
3. Delivery = Miƙa Kaya
   At Seller's store, Jimeta. Seller pays for loading.
   A siton Mai Sayarwa, Jimeta. Mai Sayarwa zai biya kuɗin lodi.
```

A lura cewa an zaɓi Kuɗin Farko maimakon kafin alƙalami, domin sabon suna ba ya zuwa da tsohuwar al'ada a bayansa, ma'anar da aka ba shi a jadawali ita kaɗai yake da ita. An kuma fara kalmomin da manyan baƙaƙe don mai karatu ya gane cewa ɗaurarru ne. Sauran saƙon a raba shi sharaɗi-sharaɗi da lamba, Turanci da Hausar kowane sharaɗi a ƙarƙashin lamba ɗaya, maimakon a zuba Turanci duka a sama Hausa duka a ƙasa, inda jimla za ta iya ɓacewa a ɓangare ɗaya ba wanda ya lura. Adadin kuɗi da nauyi a rubuta su sau ɗaya a wurin da harsunan biyu suka yi tarayya, domin adadin da aka rubuta sau biyu yana iya saɓa wa kansa. Duk amsar da za ta biyo baya ta tafi a kan zaren saƙon farko da take ɗaya, ta kuma yi nuni da lamba, a ce game da sharaɗi na 3, kada a sake bayyana shi da sababbin kalmomi. Idan aka yi magana ta waya ko aka tura saƙon murya, abin da aka cimma a dawo da shi cikin imel da waɗannan sunaye.

Kafin a danna aikawa akwai gwaji biyu. Na farko na ido ne: a yi amfani da Ctrl+F a nemi kowace ɗaurarriyar kalma a ƙirga, idan Part Payment ta fito sau huɗu, Kuɗin Farko ma ya fito sau huɗu, sannan a nemi kalmomin da aka yi watsi da su a tabbatar ba su saɗaɗo sun dawo ba. A nan sai an kula da baƙaƙe masu lanƙwasa, domin wanda ya nemi kuɗi ba lallai ne ya ga inda aka rubuta kudi ba. Rabon kalmomi ma yana da haɗari, kuma misalinsa na kusa shi ne yadda ake haɗe ba shi ta koma bashi: a bashi kayan na iya zama umarnin a miƙa wa mutum kaya, na iya zama labarin cewa kayan a kan bashi suke. Gwaji na biyu na kunne ne: a samu wanda bai ga Turancin ba, a karanta masa Hausar, a tambaye shi nawa za a mayar idan kamfani ya fasa, wa zai biya mota, wace rana wa'adi zai cika. Sai a yi wa wanda ya ga Turanci kaɗai tambayoyin nan. Idan amsoshin suka bambanta, saƙon bai isa tafiya ba. Alamar cewa kalma ta riga ta zame ita ce a ga amsar ɗaya ɓangaren ta zo da sunan da ba ya cikin jadawali, kuma a nan ba a yin shiru, sai a mayar da amsa nan take a tambaya ko sharaɗi na kaza ake nufi.

Masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa a huta da wahala, a rubuta Turanci kaɗai, tunda shi ne harshen manyan kotunan Najeriya kuma duk takardar Hausa sai an fassara ta kafin babbar kotu ta yi aiki da ita. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta kawar da fassara ba, ta mayar da ita baki ne kawai. Mai dukiyar da ba ya karanta Turanci dole wani ya faɗa masa abin da ke ciki, kuma fassarar da aka yi a tsaye a bakin rumfa ba ta barin sawu. Gobe idan aka tambayi akawu me ya ce, zai faɗi abin da ya tuna, mai gida ma ya faɗi nasa. Rubutacciyar Hausa tana kare su duka biyun, tana kuma zama hujjar cewa mai dukiya ya san abin da ya amince da shi. Ban da haka, ba kowace rigima ce ke kaiwa babbar kotu ba. Da yawa a gaban shugabannin kasuwa ko malami ko kotun yanki ake kashe su, inda Hausar ce za a fara karantawa.

Wasu kuma na ganin jimla ɗaya ta isa: a rubuta cewa idan harsunan biyu suka saɓa, na Turanci ne abin bi. Wannan jimla tana da amfani kuma ya kamata a sa ta, domin rashin irinta ya taɓa jawo abin da ya fi asarar masara. Yarjejeniyar Wucale ta 1889 tsakanin Italiya da Sarki Menelik na Habasha ta zo da harshe biyu, sashe na 17 a Amharanci ya ba Habasha zaɓin bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da ƙasashen Turai, na Italiyanci kuwa ya mayar da abin wajibi, kuma wannan saɓani na cikin abin da ya kai ga yaƙin Adwa a 1896. Amma a duba misalinmu da kyau. Matsalar ba tsakanin Turanci da Hausa kaɗai take ba, Turancin ne da kansa ya zo da sunaye uku. Jimlar fifita harshe za ta ce a bi Turanci, ba za ta ce wane imel za a bi ba. Kuma ita tana faɗin wanda zai yi nasara ne bayan an ɓata, alhali abin da ɗan kasuwa ke so shi ne kada a ɓata. Akwai ma wata ƙa'ida da ya kamata mai rubutu ya sani: idan magana ta yi harshen damo, kotu kan karkata ga fassara ta a kan wanda ya tsara ta. Wanda ya riƙe alƙalami shi ya fi kusa da asara.

Ja na uku ya fi taɓa zuciya, domin na mutunci ne. Ana cewa ciniki a ƙasar nan amana ce, kuma wanda ya zo wa abokin hulɗarsa na shekaru da jadawali da lambobi kamar yana tuhumarsa ne. Amsar tana cikin abin da mutanen Yola suka fi kowa sani: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma a samu marubuci mai adalci. Malaman fiƙihu ma sun shardanta a cinikin salam cewa ma'auni da siffar kaya da wa'adi su zama sanannu, don a toshe ƙofar jayayya tsakanin mutanen kirki. A misalin masarar nan babu maƙaryaci ko ɗaya, kowa ya karanta abin da ke gabansa ya gaskata. Irin wannan saɓani ne ya fi kashe zumunci, domin kowane ɓangare yana da yaƙinin an zalunce shi. Babu wanda ke jin an ci mutuncinsa don an auna masa hatsi da mudu ɗaya daga farko har ƙarshe, abin da zai tayar da hankali shi ne a sauya mudu ana tsakiyar awo.

Saura masu cewa Hausa ba ta da kalmomin shari'ar ciniki, kuma maimaici yana munana rubutu. Harshen da yake da bashi da rance da aro da jingina da lamuni da la'ada da diyya, kowace da iyakarta, ba a ce masa matalauci a fagen ciniki ba. Abin da babu shi ne daidaito ɗaya bisa ɗaya da kalmomin dokar Ingila, kuma wannan babu shi tsakanin kowane harshe biyu, shi ya sa ake ɗaure kalma da bayani. Maimaici kuwa, a bar ƙawata zance ga gaisuwa da addu'ar da ke buɗe saƙon, nan ne wurin fasaha, mai rubutu ya gaida Alhaji da iyali da kasuwa yadda ya so. Da zarar an shiga sharaɗi na ɗaya, kyawun rubutu shi ne mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su karanta su fito da lissafi ɗaya.

Nauyin wannan aiki yana kan matasan da ke riƙe da waya da kwamfuta a madadin iyayensu da iyayen gidansu, waɗanda da yawansu sun fito daga Jami'ar Modibbo Adama da sauran makarantun jihar. Su ne tafintocin wannan zamani, kuma abin da suka rubuta yana ɗaure dukiyar da ba tasu ba. Ya dace kowane gidan kasuwanci ya ajiye jadawalinsa guda, lauya da malami su duba shi sau ɗaya, a riƙa amfani da shi a kowane ciniki, kuma ƙungiyoyin 'yan hatsi da 'yan shanu na Jimeta da Ngurore da Mubi za su iya yi wa mambobinsu na bai ɗaya. Mai dukiya shi ma yana da haƙƙin ya tambaya kafin a aika: wannan kuɗi, idan an fasa, na wa ne, kuma a wane layi aka rubuta haka a harsunan biyu? Idan akawu bai iya nuna layin da yatsa ba, a dakata da aikawa har sai an rubuta shi.